Guduma ko ratayayye? Sai ka dubi inda farashi ya fito

A jadawalin farashi na kyandir, wanda ya samo asali daga 'yan kasuwar shinkafa na Japan, akwai wani kyandir mai ɗan ƙaramin jiki a sama da dogon lagwani a ƙasa. Tsawon lagwanin yakan kai aƙalla ninki biyu na jikin.

Mu ɗauka hannun jari ya buɗe a naira 100, ya zube zuwa 94, sannan ya rufe a 102. In farashin ya yi kwanaki yana faɗuwa kafin wannan rana, kyandirin guduma ne, wanda manhajoji ke rubutawa Hammer. Masu sayarwa sun danna farashin ƙasa, masu saye kuma suka ɗago shi, alamar faɗuwar ta fara gajiya.

In kuwa tashi farashin yake ta yi, wannan siffar dai sunanta ratayayye, wato Hanging Man. A nan zubewar zuwa 94 ce abin tsoro, domin ta nuna masu sayarwa sun fara shigowa da ƙarfi.

Ni dai ina ganin gaggawa ce ke cinye kuɗin mutane. A jira kyandirin gobe. Guduma tana tabbata in an rufe sama da 102, kuma ta rushe in farashi ya sauka ƙasa da 94. Ratayayye kuwa sai an rufe ƙasa da 100. In kasuwa tana tafiya a kwance, kyandirin bai faɗi komai ba.