Shafi ɗaya da ke buɗe ƙofar tallafi

Kafin a nemi cikakken kundin shiri daga wata ƙungiya, galibi mai ba da tallafi yakan ce ta turo taƙaitaccen bayani, wani lokaci shafi ɗaya tak. Jami'in da zai karanta yana da tarin irinsa a gabansa.

A ɗauki misalin ƙungiyar matasa a Kano da ke son koyar da gyaran waya. Idan ta buɗe da cewa rashin aikin yi ya addabi matasa, ta ɓata layi, domin jami'in ya riga ya sani. Gara ta ce matasa 40 na unguwar Fagge za su yi wata shida suna koyo, rabin lokacin a aji, rabi a shagunan masu gyara na kasuwar Farm Centre. Sai ta faɗi yawan shagunan da suka amince su karɓe su. Nan ne ƙarfin takardar, don shiri da yawa kan ƙare a bikin yaye ɗalibai, kowa ya koma gida da takardar shaida ba aiki.

Batun kuɗi kuwa, kada a yi masa kunya. In ana neman naira miliyan 6, a rubuta hakan, a nuna kowane matashi ya tashi a naira 150,000, har da kayan aikin da za a ba shi.

A ƙasa sai lambar rajistar ƙungiyar a CAC da sunan wanda za a tuntuɓa.