Sifilin da yake riƙe wa wani gurbi a rabon folinomiyal

Shirinmu na yau na masu shirin WAEC, NECO da JAMB ne, da ƙannenmu da suka shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure suka tarar lissafi yana jiran su a can ma. Ku ɗauko biro da takarda, don wannan ba a fahimtar sa da kunne kaɗai.

A darasin yamma da muke yi wa yara a nan Achilafiya, na ba su x³ − 7x + 6, na ce su raba da x − 2. Da yawansu suka kawo min saura −4. Alhali babu saura ko kaɗan. Kuma wallahi sun iya matakan, wuri ɗaya ne ya kayar da su.

Dubi tambayar da kyau. Akwai x³, akwai x, akwai 6. Ina x²? Babu shi.

Bari mu ɗan koma kan kuɗi. A ce ana bin ka naira 1025, wajen rubutawa ka ce ai sifili ba komai ba ne, ka cire shi. Ya koma 125 ke nan, 1 ɗin da ke gidan dubu ya faɗo gidan ɗari. To x³ + 2x + 5 ma haka yake: sa 10 a madadin x, 1025 za ka samu. Kowane ƙarfin x gidansa daban, kamar dubu, ɗari, goma da ɗaya. Shi ya sa kafin ka fara sai ka rubuta x³ + 0x² − 7x + 6. Ba ka canza komai ba, tunda sifili sau kowace lamba sifili ne.

```
        x² + 2x  − 3
x − 2 ) x³ + 0x² − 7x + 6
        x³ − 2x²
        ---------
             2x² − 7x
             2x² − 4x
             ---------
                 − 3x + 6
                 − 3x + 6
                 --------
                        0
```

Matakin farko shi ne wurin da abin yake. Ka raba x³ da x, ka samu x². Ka ninka shi da x − 2, ya ba ka x³ − 2x². Ka ga x² ya ɓullo da kansa, duk da ba ya cikin tambayar. A ƙarƙashin wa zai zauna? In ka tanadi 0x², nan ne gidansa: sifili a ɗebe −2, ya zama +2, ka samu 2x². Daga nan ka sauko da −7x ka ci gaba yadda ka saba, har ka isa ga x² + 2x − 3, saura sifili.

In kuwa ba ka tanada ba, −2x² zai zauna ƙarƙashin −7x. Hannu yana sauri, ido yana kan lambobi kawai, sai ka haɗa su ka samu −5. Ka haɗa buhun gero da kwanon gero ka ƙirga su abu ɗaya. Abin dariyar ma, −4 ɗin da yaran suka samu amsa ce daidai, amma ta wata tambayar: x² − 7x + 6. Komai ya zame gida ɗaya, tamkar 1025 da ya koma 125.

Ta yaya za ka gane ka zame tun kana ɗakin jarrabawa? Tunda da x − 2 kake rabawa, sa 2 a madadin x a tambayar asali. Abin da ya fito shi ne saurar da ya kamata ka samu. A nan 8 − 14 + 6 sifili ne, don haka −4 kuskure ne. Ni na fi son gwaji da 10, don yana duba amsar ma: 1000 − 70 + 6 ya ba da 936, x − 2 ya zama 8, 936 a raba 8 kuma 117 ne. Amsarmu fa? 100 + 20 − 3, shi ma 117.

Sai dai kar ka ja kwatancen kuɗin nan ya wuce iyaka. A folinomiyal babu aro daga gidan maƙwabci, babu ajiye ɗaya a kai. In gida ya ba da −3, haka za ka bar shi.

Tun kafin ka ja layin rabo, ƙirga gidaje. In mafi girman ƙarfi 3 ne, gida huɗu ake bukata, in 4 ne, biyar. Don haka x³ − 8 sifili biyu yake so: x³ + 0x² + 0x − 8. Abin da ake rabawa da shi ma yana iya zuwa da giɓi, x² + 1 sai ka mai da shi x² + 0x + 1.

Aikin gida: raba x³ − 8 da x − 2, sannan ka gwada amsarka da 10. In 124 bai fito ba, koma ka duba layin farko da ka ɗebe.