Kwalbar Awo Ba Ta Yafe Maiƙo: Yadda Ake Wanke Kayan Gilashin Ɗakin Gwaji

Masu aiki a ɗakin gwaje-gwaje ba sa yarda da ido wajen tabbatar da tsabtar gilashi. Ruwa suke tambaya. Idan an gama wanke kwalba, sai a cika ta da tataccen ruwa, wato wanda aka dafa ya zama tururi sannan aka tare shi, a tsiyaye, a ɗaga ta sama a duba cikinta. In ruwan ya bi jikin gilashin ya kwanta sumul, ya sauka bai bar komai ba sai laima siririya, to kwalba ta fita. In kuwa ya dunƙule ɗigo-ɗigo kamar raɓa a kan ganyen gwaza, akwai sauran maiƙo, ko da gilashin yana ta ƙyalli. Wannan gwajin bai cin minti ɗaya, amma a kansa ingancin awon magani, da gwajin ruwan sha, da aikin ɗalibin da ke shirin jarrabawar WAEC ko NECO suka dogara.

Abin da ɗigo biyu ke jawowa

Kwalbar awo ita ce mai faɗin ciki da dogon siririn wuya, wadda aka zagaye wuyanta da layi guda ɗaya tak. A jikinta akwai rubutu, misali "250 mL", da "20 °C", da "In" ko "TC", ma'ana an yi ta ne don ta riƙe wannan adadin idan ruwa ya kai layi. Abokan aikinta su ne fifet, bututun da ake zuƙar ruwa a juye a wani wuri, da buret, dogon bututu mai famfo a ƙasa. Su kuma rubutunsu "Ex" ne ko "TD", domin abin da suka zubar ake ƙirgawa, ba abin da suka riƙe ba.

Kayan da ke ɗauke da harafin A su ne mafi inganci. Fifet mai mililita 25 na wannan aji, kuskuren da aka yafe masa bai wuce mililita 0.03 ba. Ɗigon ruwa ɗaya kuwa ya kai kusan mililita 0.05. Ke nan idan maiƙo ya riƙe ruwan da ya kai ɗigo biyu a jikin bututun, an yi asarar mililita 0.1, fiye da ninki uku na abin da maƙerin ya yi alkawari. An sayi kaya mai tsada, datti ya mayar da shi na banza.

A kwalbar awo ɓarnar ta wata fuska ce. Ruwa a cikin siririn wuya mai tsabta yakan lotsa a tsakiya, gefensa ya ɗan hau gilashin, kuma ƙasan wannan lotsawar ake daidaitawa da layi. Maiƙo yana hana ruwan kama gilashi, sai saman ya baje ko ya karkace, mai awo ya rasa inda zai tsaya. Ga kuma ɗigon da ke maƙalewa sama da layi, wanda zai gangaro daga baya ya ƙara ruwa a kan abin da aka riga aka auna.

Wankin yau da kullum

Dokar farko ita ce a ɗauraye kaya nan take bayan an gama aiki. Abin da ruwan famfo zai kwashe yanzu, in ya kwana ya bushe sai da asid. Bayan ɗauraya, a jiƙa kayan na kamar rabin awa a ruwa mai ɗumi da aka sa wa sabulun ruwa kaɗan, kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari. Yawan sabulu ba ya ƙara tsabta, wahalar ɗauraya kawai yake ƙarawa. Kofunan gilashi da bututun gwaji ana iya cuɗa su da burushi mai laushi. Ban da soson ƙarfe, ban da toka ko yashi, domin duk karcen da aka yi wa gilashi maɓoyar datti ce, kuma daga nan tsagewa take farawa. Kwalbar awo kuwa girgiza ta ake yi da ruwan sabulun a ciki, ba a tura mata burushi mai kan waya.

Sai ɗauraya da ruwan famfo har kumfa ta ƙare, a rufe da tataccen ruwa sau uku. A nan akwai lissafin da ya kamata kowa ya sani. A ce duk lokacin da aka tsiyaye kwalba, mililita ɗaya na ruwa ke saura a jikinta. Wanda ya zuba mililita 30 a tashi ɗaya ya rage dattin sau 31 ne kawai. Wanda ya raba ruwan nan gida uku, goma-goma, yana jujjuya kwalbar yana tsiyayewa, ya rage shi sau 11, sau 11, sau 11, wato fiye da sau 1,300. Ruwa iri ɗaya suka kashe. Wannan matakin ya fi zama dole inda ake amfani da ruwan rijiyar burtsatse mai gishirin ƙasa, wanda ke barin farin tabo idan ya bushe.

Kowane tabo da maganinsa

Idan sabulu ya kasa, kafin a ɗauko wani abu sai a tambaya: me aka zuba a kwalbar nan? Maiƙo, irin man yatsun hannu, ana fara goge mai yawansa da takarda, sannan a ɗauraye da asiton kaɗan, a koma kan sabulu. Asiton yana kama wuta da sauri, saboda haka ba a buɗe shi kusa da fitilar gas. Farin tabon ruwa da jan tabon tsatsa suna narkewa a cikin HCl da aka sirka sosai. Tabo mai ruwan ƙasa da famanganet ke bari ba ya jin sabulu ko kaɗan, amma asid ɗin oksalik yana share shi cikin 'yan mintoci. Tabon aidin kuma ruwan sodiyam tayosalfet ne maganinsa.

Akwai wasu magunguna biyu da ya kamata a yi hattara da su. Na farko shi ne haɗin KOH da itanol, wanda ke cire maiƙon silikon mai taurin kai. Yana aiki ne ta hanyar cin fatar gilashin kanta, don haka ba a jiƙa kayan awo a cikinsa, tunda kwalbar da aka ci cikinta ta daina riƙe abin da aka rubuta a jikinta. Na biyu shi ne tsohon haɗin nan na asid ɗin kuromik, wanda a da kusan kowane ɗakin gwaji ke ajiye shi. Sinadarin kuromiyam da ke cikinsa yana jawo ciwon daji, yana kuma gurɓata ruwa, shi ya sa aka yi ta barin sa.

Duk wanda zai taɓa asid ya sa safar hannu da tabarau, ya buɗe tagogi. Asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid. Ba a haɗa bilic da asid, domin iskar kulorin mai guba ce ke tashi. Haka kuma ba a bari asiton ya haɗu da asid ɗin nitrik, ko da a kwalbar zuba shara ne.

Daga wanki zuwa layi

Mu ɗauki aikin da ake yi a makarantun sakandare: haɗa mililita 250 na ruwan sodiyam kabonet, Na2CO3, mai ƙarfin 0.05 M. Ana bukatar giram 1.325 na busasshen garin. Kwalbar ta riga ta ci gwajin ruwa, an kuma gwada murfinta ta hanyar kifa ta a ga ko tana yoyo. Ba sai ta bushe ba, tunda tataccen ruwa ne a jikinta kuma shi za a ƙara. Abin da ba a yi shi ne ɗauraye ta da ruwan sinadarin, domin abin da ya saura a jiki ƙari ne a kan giram ɗin da aka auna. Fifet da buret akasin haka ne: su ake ɗauraye wa da ruwan da za su ɗauka, don kada ragowar ruwa ta sirka shi. Ɗalibai da yawa a nan suke rikicewa.

Ana narkar da garin a kofin gilashi da ruwa kamar mililita 50, a juye ta mazurari, a ɗauraye kofin da sandar motsawa da mazurarin sau uku, duk a cikin kwalbar. A ƙara ruwa ya kai kashi uku cikin huɗu, a jujjuya. A ci gaba har saura kamar faɗin yatsa a kai layi, a dakata minti ɗaya ko biyu ruwan da ke wuya ya gangaro. Ragowar ɗigo-ɗigo ake sa shi, kwalba tana zaune a kan tebur, ido yana daidai da layi, har ƙasan lotsawar ya taɓa shi. In an zarce, ba a tsotse rarar, sai dai a zubar a sake daga farko. Daga ƙarshe a rufe, a riƙe murfin da yatsa, a kifa kwalbar a miƙar aƙalla sau goma, ana barin iskar ciki ta ratsa wuya kowane karo.

Zafi ma yana da nasa tasirin. Ruwa yana kumbura fiye da gilashi nesa ba kusa ba. Tsakanin digiri 20 da digiri 35, zafin da ɗaki marar na'urar sanyaya wuri kan kai a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, mililita 250 na ruwa yana ƙaruwa da kusan mililita ɗaya. Don haka ba a cika kwalba zuwa layi da ruwa mai ɗumi, kuma yana da kyau a haɗa ruwan a yi amfani da shi a yanayi guda, a rubuta zafin ɗakin a littafin aiki.

Shanya da ajiya

Kayan awo iska ke busar da su. Ana kifa su a kan maratayi su tsiyaye, ba a goge cikinsu da tsumma, ba a hura musu iskar baki, ba a ɗora su a wuta. Kwalbar awo kuma ba ma'ajiya ba ce. Da an gama haɗi, a juye ruwan a wata kwalba mai lakabi, musamman in mai kaifin kanwa ne irin NaOH ko shi kansa sodiyam kabonet, domin yana cin gilashi a hankali, yana kuma manne murfin gilashi da wuya har sai an fasa.

Idan kwalba ta bushe, a sa siririyar takarda tsakanin murfi da wuya kafin a rufe, a ajiye ta a tsaye cikin kabad mai ƙofa. Da hunturu, ƙurar dare ɗaya ta isa ta ɓata wankin jiya, saboda haka duk abin da ba shi da murfi a rufe bakinsa ko a kife shi. Buret a ajiye shi da famfonsa a sassauce. Kwalbar da wuyanta ya guntule, ko cikinta ya yi hazo-hazo wanda wanki bai cirewa, ko layinta ya dushe, a cire ta daga cikin kayan awo. Kuma ko da an wanke kwalba makon jiya, ranar da za a yi aiki da ita a sake ɗauraye ta da tataccen ruwa, a duba jikinta kafin a zuba komai.