Me Ke Mai Da Ɓ, Ɗ, Ƙ Akwati A Takardar PDF?

Ƙaramin akwatin da ke bayyana a gurbin ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ a takardar PDF alama ce ta cewa salon rubutun da aka zaɓa ba shi da zanen wannan harafi. Kwamfuta tana ajiye kowane harafi a matsayin lamba a tsarin Unicode. Lambar ƙ, alal misali, ita ce U+0199. Salon rubutu ne ke ba lambar siffa. Idan mai zana salon bai zana ƙ ba, sai manhaja ta ajiye akwati, “ƙasa” ta rasa kanta.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne rubutun yakan fito lafiya lau a Word. Manhajar ce ke aro harafin da ya ɓace daga wani salon ba tare da ta sanar ba, kuma mai lura zai ga ƙ ɗin ta ɗan fi maƙwabtanta kauri ko tsayi. Wasu manhajojin da ke fitar da PDF ba sa yin wannan aro, musamman masu buga rasit ko takardar sakamako kai tsaye da tsofaffin salo irin su Helvetica da Courier.

Akwai sanadi na biyu. Salon yana da haruffan, amma ba a cusa shi cikin fayil ɗin ba, don haka wayar mai karatu ta musanya shi da wanda take da shi. Alamarsa ita ce takardar ta fito daidai a wata na'ura, ta lalace a wata. Ana tabbatarwa a Acrobat Reader ta File, sai Properties, sai Fonts: ya kamata a ga Embedded ko Embedded Subset a gaban kowane suna. Ajiye fayil a matsayin PDF/A yana tilasta cusawar.

Wajen zaɓe, Charis SIL, Gentium da Andika na ƙungiyar SIL, da Noto Sans da Noto Serif na Google, duk suna ɗauke da haruffan Hausa, kuma kyauta ne. Charis SIL ya fi dacewa da littafi mai dogon karatu, Andika kuwa don masu koyon karatu aka zana shi.

Kowane salo daban sai an gwada shi, kuma ganin ƙ kaɗai bai isa ba. Ƙananan ɓ da ɗ suna rukunin IPA Extensions ne, sauran shidan kuma suna Latin Extended-B, saboda haka mai zane yana iya ɗaukar wasu ya bar wasu. Sai a rubuta Ɓɓ Ɗɗ Ƙƙ Ƴƴ a layi ɗaya, a maimaita da rubutu mai kauri da na gicciye, domin kowannensu fayil ne mai zaman kansa, sannan a fitar da PDF a buɗe a waya. Wanda rubutunsa zai je Nijar kada ya tsallake ƴ, don da ita ake rubuta abin da Nijeriya ke rubutawa da 'y.