Yadda ake raba rarar ƙungiyar gama kai

A ɗauka mambobi sun tara ajiyar naira 2,000,000, ruwan bashin da aka bayar ya kawo 300,000 a shekara, kuɗin gudanarwa ya ci 100,000. Rarar ita ce 200,000, amma ba duka ake rabawa ba. Da farko ana ware kason asusun ko-ta-kwana, a ce kashi 25 cikin 100, wato 50,000. Saura 150,000.

Idan bisa ajiya za a raba, kowace naira 100 za ta samu naira 7 da kwabo 50, don haka mai ajiyar 40,000 zai karɓi 3,000.

Kuskuren da ya fi cutarwa shi ne lissafa ruwan da ba a biya ba tukuna a cikin rara, domin daga ajiyar mutane za a ciro kuɗin rabon.