Daga saƙon murya zuwa shaidar ciniki: Yadda yabon mai saye ke zama talla tsakanin Madawa, Buza da Keita

A jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, wani ɓangare na cinikin da ake yi a yau ba a cikin kasuwa ake ƙulla shi ba, a waya ake gama shi. Yankin ya daɗe da yin suna wajen tafiya ci-rani, kuma ɗan Buza ko Keita da ke neman kuɗi a Abijan, Legas ko Libiya kan yi odar kaya daga Madawa, ya tura kuɗi ta kamfanoni irin su Nita ko Amana, a kai kayan gidansu ba tare da ya gan su da idonsa ba.

Madawa na bakin babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, ta shahara da albasa da tabarmin kaba, kuma daga nan ne hanya ke bi ta Buza da Keita zuwa Tawa. Sai dai wanda ke nesa ba ya iya murza tabarma ya ji kaurinta. Abin da yake dubawa kafin ya saki kuɗinsa shi ne maganar wani da ya riga shi saye. Shi ya sa saƙon godiya da ya faɗo wayar mai sana'a ke da daraja, kuma shi ya sa kuskure wajen wallafa shi ke iya raba mutum da abokin cinikinsa.

Abin da ke cikin saƙon

A ɗauki misalin wata mai sayar da tabarmi a Madawa. Wani matashi ɗan Keita da ke aiki a Abijan ya sayi tabarmi shida a wurinta don bikin ƙanwarsa. Bayan kaya sun isa, sai ya aiko saƙon murya, wanda a Nijar aka fi kira bokal, da harshensa na Adar. Idan aka cire doguwar gaisuwar farko, abin da ya rage shi ne:

"Hajiya, tabarmi sun iso Keita tun ran Laraba, kwana biyu kahin biki. Inna tac ce ɗiya ukku ta aurar, ba ta taɓa samun saƙa mai kauri irin wagga ba. Guda ɗai ce launinta ba wanda niz zaɓa ba, amma ba komi. Jika biyar da sunka rage zan turo ƙarshen wata. Don Allah kar yayana ya ji nawa nib biya."

Abubuwa huɗu ne a cakuɗe a nan. Akwai shaida kan lokaci, wato kaya sun zo kafin biki. Akwai shaida kan inganci daga bakin dattijuwar da ta san tabarma. Akwai ɗan ƙorafi kan launi. Sannan akwai sirri: bashin jika biyar, wato CFA 5,000, da maganar yayansa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tura saƙon yadda yake zuwa Status, ko a ɗauki hoton allon hirar a saka a Facebook da sunan mutum da lambarsa a sama. A wannan misalin, yin haka na nufin duk wanda ke da lambar Hajiya ya san cewa matashin na da bashi, kuma maganar da ya roƙa a rufe na iya kaiwa kunnen yayansa kafin magariba. Ga ɗan ci-rani, bayyana abin da ya kashe kan jawo masa buƙatun dangi da tambayar me ya sa aka yi wa wance ba a yi wa wane ba. Status na ɓacewa bayan awa 24, amma wanda ya ɗauki hotonsa ya riga ya ajiye.

Izini kafin komai

Saƙon da aka aiko wa mutum ɗaya ba na jama'a ba ne. A Nijar akwai doka mai lamba 2022-59 ta ranar 16 ga Disamban 2022 kan kare bayanan mutane, da hukumar HAPDP da ke sa ido kan aiwatar da ita. Suna, lambar waya, hoto da muryar mutum duk bayanansa ne, kuma amincewarsa ce ginshiƙin amfani da su.

Neman izinin da ke hana rigima shi ne wanda ya fayyace abu uku: kalmomin da za a saka, inda za a saka su, da yadda za a ambaci mai maganar. Hajiya za ta iya aika masa cewa: "Ɗana, na ji daɗin saƙonka. Ina son in saka maganar Inna kan kaurin saƙa da zuwan kaya a Status da Facebook. Ba zan sa kuɗi ba, ba zan sa lambarka ba. In rubuta sunanka ko in ce wani ɗan Keita a Abijan?"

Daga nan ta tura masa rubutun da ta tsara ya gani, ta kuma ajiye amsarsa. A wannan saƙon akwai mutum na biyu, domin yabon daga bakin Inna ya fito. Ana iya cewa "mahaifiyarsa" ba tare da suna ba, amma hotonta ko na amarya a kan tabarmar na buƙatar yardarsu su ma. Idan ya ce a'a, magana ta ƙare.

Wace jimla ce za a ɗauka?

"Na gode ƙwarai", "Allah ya ƙara kasuwa" da "kayanki sun yi kyau" addu'a ce da ladabi, amma kowa na iya faɗinsu kan kowane kaya. Jimlar da ke aiki ita ce wadda ta amsa fargabar mai saye na gaba. Wanda ke Abijan tsoro biyu yake ji: kada kaya su makara, kuma kada a aika wa gidansu mai araha bayan ya biya kuɗin mai kyau. "Kwana biyu kahin biki" ya amsa na farko. Maganar dattijuwar da ta aurar da 'ya'ya uku ta amsa na biyu.

Ba a gyara harshen mai magana. Idan aka mayar da "tac ce" zuwa "ta ce", aka mayar da "wagga" zuwa "wannan", to an goge alamar da ɗan Adar zai ji ya san na gida ne ya faɗa. Ragewa halal ne, ana sa ɗigo uku inda aka tsallake. Ƙari ne ba a yi. Da zarar Hajiya ta rubuta cewa ya ce tabarminta sun fi na kowa a Madawa, ta saka masa maganar da bai yi ba.

Ƙorafin launi ne wurin da ake gane mai gaskiya. Cire shi bai sauya ma'anar yabon kauri da lokaci ba, saboda haka ana iya barinsa a waje. Amma ba za a cire shi sannan a rubuta "ya samu daidai abin da ya zaɓa" ba. Hanya mafi ƙarfi ita ce a bar shi a ciki tare da gyaran da aka yi, in har da gaske an yi.

Yadda rubutun ke fitowa

Rubutun ƙasan hoto na da hawa huɗu: maganar mai saye, wane ne shi, me ya saya, da yadda za a yi oda. Maganarsa ce ke zuwa farko saboda Instagram kan yanke rubutu bayan haruffa wajen 125, Facebook ma na ɓoye sauran dogon rubutu sai an danna. Duk wanda ya fara da sallama da sunan shago ya cinye wurin da ake gani. Ga yadda na Hajiya zai kasance:

"Inna tac ce ɗiya ukku ta aurar, ba ta taɓa samun saƙa mai kauri irin wagga ba."
Saƙon wani ɗan Keita da ke Abijan, da izininsa.
Ya yi odar tabarmi 6 daga Madawa, sun isa Keita kwana 2 kafin biki. Guda ta zo da launin da ba shi ya zaɓa ba, shi ya sa yanzu muke tura hoton kowace tabarma kafin mu ɗaure kaya.
Mai son oda ya aiko ranar biki da sunan garin da za a kai.

Layin farko bai kai haruffa 90 ba. Babu suna, babu bashi, babu yaya. Layin ƙarshe kuma abu ɗaya ya nema, wanda ke buɗe ciniki kai tsaye.

Hoton da ya dace da shi shi ne na ainihin tabarmin da aka aika, a ɗaure ko a shimfiɗe, ba wanda aka kwaso daga shafin wani ba. Idan za a haɗa da hoton allo, a yanke saman da ke nuna suna da lamba, a rufe layukan sirri da launi mai kauri, domin zane mai shara-shara na iya karantuwa idan aka ƙara hasken hoton. Idan kuma za a sa farashin oda, a rubuta shi da lambobi da CFA. A Nijar dala CFA 5 ce, "ɗari" na nufin 500, jika kuma 1,000, lissafin da zai iya rikita mai karatu daga Kano ko Katsina.

Yadda ake gane ta bogi

Masu saye daga nesa su ma suna da abin dubawa. A WhatsApp, saƙon da mai waya ya aika na fitowa a dama cikin kore, wanda ya karɓa kuma a hagu. Idan mai shago ya wallafa hoton allo daga wayarsa, yabon kuma yana dama cikin kore, to daga wayar aka rubuta shi, sai fa idan mai sayen ne ya ɗauko hoton ya turo. Haka nan idan shaidu goma duk salon rubutunsu ɗaya ne, babu gari, babu rana, babu adadin kaya, kuma babu ko ɗaya mai ɗan ƙorafi, akwai dalilin yin taka-tsantsan.

Matsalar ba ta Nijar kaɗai ba ce. A Amurka, hukumar kula da kasuwanci ta FTC ta fara aiki da wata ƙa'ida a watan Oktoban 2024 da ta haramta ƙirƙira ko sayen shaidun bogi. A Madawa, Buza da Keita kuwa, hukuncin ya fi sauri, domin mutane sun san juna, kuma tambaya ɗaya a rukunin 'yan gari na WhatsApp ta isa ta tona wanda ya ƙaga shaida.

Shaida ɗaya ma tana da iyaka. Zuwan kaya Keita kwana biyu kafin biki labarin oda guda ne, ba alƙawari ba ne ga wanda zai yi oda da damina lokacin da ruwa ke iya tsare hanya. Don haka Hajiya ta rubuta abin da ya faru, ta bar ranar isar kayan mai saye na gaba sai sun yi magana. Idan kuma wata rana matashin ya ce a sauke rubutun, saukewar ta fi mata riba, domin yana da wasu ƙanne da ba a aurar ba tukuna.