Bitamin A: Abincin Ido, Amma a Kula da Yawansa ga Mai Ciki

Idan kun fito daga cikin rana tsaka kuka shiga ɗaki mai duhu, da farko ba ku ganin kome. Bayan ɗan lokaci sai ku fara gane gado, da randa, da bakin ƙofa. A wannan ɗan lokacin idonku yana wani aiki ne, kuma da bitamin A yake yin sa. Wannan darasi zai bayyana muku yadda aikin yake, da kuma dalilin da ya sa abin da ke warkar da ido zai iya cutar da ɗan tayi idan ya yi yawa.

Tarkon da ke kama haske

A can bayan ƙwayar ido, daga ciki, akwai wani siririn tantani wanda likitoci ke kira ratina. A kansa haske yake sauka. Tantanin yana ɗauke da ƙananan ƙwayoyi iri biyu. Iri ɗaya na aikin rana ne, su ke bambanta launuka. Iri na biyu na aikin dare ne. Siffarsu kamar ƴan sanduna take, kuma akwai wajen miliyan 100 a kowane ido.

A cikin ƴan sandunan nan akwai wani sinadari mai suna rodofsin. Abu biyu ne suka haɗu suka yi shi: wani furotin, da kuma wani ɗan guntu da jiki ke yi daga bitamin A, wanda ake kira ratinal.

Ku tuna da tarkon da yara ke ɗana wa tsuntsu. Ana lanƙwasa sanda a ɗaure ta, tsuntsu na taɓawa sai ta miƙe. Haka ratinal yake. A lanƙwashe yake zaune cikin furotin. Da haske ya taɓa shi sai ya miƙe nan take. Miƙewar nan ita ke tayar da saƙo, saƙon ya bi jijiyar ido ya kai ƙwaƙwalwa, sai mutum ya gani.

To, amma tarkon da ya tashi ba ya sake kamu sai an sake ɗana shi. Ratinal da ya miƙe yakan rabu da furotin, a kai shi wani shimfiɗi na ƙwayoyi da ke bayan tantanin. A can ake sake lanƙwasa shi, a maido shi, ya koma mazauninsa. Haka yake ta zagayawa dare da rana. Wani masani ɗan Amirka mai suna George Wald ya samu kyautar Nobel a 1967 saboda bincikensa a kan wannan aiki.

Yanzu kun gane abin da ke faruwa a ɗaki mai duhu. Hasken rana ya tayar da tarkuna masu yawa, ido yana buƙatar lokaci ya sake ɗana su. Kafin ganin duhu ya dawo sosai akan ɗauki wajen minti 30.

Daga ina dundumi yake zuwa?

A cikin wannan zagaye kullum ana asarar ɗan kaɗan na ratinal. Jini ne ke cike gurbin, yana ɗebowa daga hanta, domin hanta ita ce rumbun bitamin A a jiki. Idan rumbu ya ƙare, tarkunan da ke ɗane sai su yi kaɗan. Da rana mutum yana gani lafiya lau, saboda haske ya wadata. Da magariba ta yi sai gani ya gagara. Wannan shi ne dundumi.

Yaro mai dundumi yakan bar wasa da faɗuwar rana, ya maƙale wuri ɗaya, ko ya dinga tuntuɓe, ko ya yi ta laluben tuwo a cikin kwano. Mace mai ciki ma tana yin dundumi, musamman a watanni ukun ƙarshe, lokacin da ɗan cikinta ke ɗibar rabonsa daga rumbunta. Waɗansu sukan ce ai haka ciki yake. Ba haka ba ne. Alama ce cewa jikin uwa ya rasa bitamin A, kuma ana maganinsa. Idan an fara magani, gani yakan gyaru cikin ƴan kwanaki. Idan bai gyaru ba, a koma wurin likita, domin akwai waɗansu cututtukan ido da ke kama da dundumi.

Aikinsa a jikin ɗan tayi

A jikin ɗan tayi bitamin A yana da wani aiki dabam. A nan jiki yana mayar da shi wani sinadari mai ba da umarni. Lokacin da ake ƙera gaɓoɓi, ƙwayoyin jiki suna duba yawan wannan sinadari a inda suke, daga nan suke sanin abin da za su zama. A wani wuri ana son sa da ɗan yawa, a wani wuri kaɗan, a wani wuri kuma ba a son sa sam.

Abin ya yi kama da turakun da magini ke kafawa kafin ya tona harsashin gida. Su ke nuna inda bango zai bi da inda ƙofa za ta tsaya. Idan wani ya zo ya kakkafa turaku ko'ina, ma'aikata za su yi gini, amma a karkace. Haka ne idan bitamin A ya malala cikin jinin uwa fiye da kima: yakan kai inda ba a son sa, umarni ya rikice.

Gaɓoɓin da abin ya fi shafa su ne kunne, da fuska, da zuciya, da ƙwaƙwalwa. Ana iya haihuwar jariri da ƙaramin kunne ko babu kunne, ko da tsagaggen rufin baki, ko da zuciyar da manyan jijiyoyinta ba su zauna daidai ba. Ciki yana iya zubewa ma.

Lokacin da ya fi hatsari shi ne daga mako na uku zuwa na takwas bayan shigar ciki. Ku lura da kyau: mako na uku yana zuwa ne jim kaɗan bayan mace ta ga al'adarta ta yi jinkiri. Ke nan ana cikin ƙera zuciyar jariri alhali uwar ba ta ma tabbatar tana da ciki ba. Saboda haka wannan gargaɗi ya shafi duk macen da za ta iya ɗaukar ciki.

Mu yi lissafi

Ana auna bitamin A da wani ma'auni da ake rubutawa UI ko IU a jikin kwalbar magani. A nan za mu kira shi awo.

Abin da mai ciki ke buƙata a rana bai kai awo 3,000 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka: inda ake fama da ƙarancin bitamin A, abin da za a ba mai ciki kada ya wuce awo 10,000 a rana, ko kuwa awo 25,000 sau ɗaya a mako. Wani bincike da aka buga a Amirka a 1995, a kan mata masu ciki fiye da 22,000, ya goyi bayan wannan taka-tsantsan. Ya nuna cewa a cikin matan da ke shan maganin bitamin A fiye da awo 10,000 kullum, kusan jariri ɗaya cikin 57 ya zo da nakasa ta dalilin haka.

Yanzu ku dubi ƙwanson da ma'aikatan lafiya ke yanke wa baki su matsa wa yara. Shuɗin yana da awo 100,000, na jarirai ne ƴan wata 6 zuwa 11. Jan yana da awo 200,000, na yara ne daga shekara ɗaya har zuwa kafin su cika biyar, kuma akan ba da shi sau biyu a shekara. Yaro ya riga ya gama ƙera gaɓoɓinsa, hantarsa tana ajiye maganin ta yi ta sakinsa a hankali.

A ce wata mata tana dundumi, al'adarta kuma ta yi jinkirin mako biyu. Maƙwabciyarta ta ba ta jan ƙwanso ɗaya, ta ce ai maganin ido ne. Ku raba 200,000 da 10,000, za ku samu 20. Ke nan ta haɗiye iyakar kwana ashirin a loma ɗaya, a daidai makon da zuciyar ɗanta ke fara bugawa. Mai yiwuwa ta ji ciwon kai da tashin zuciya, mai yiwuwa kuma ba ta ji kome ba. Lafiyar da uwa ke ji ba ta nuna halin da ɗan tayi yake ciki.

Abin da ya dace da ita shi ne ta je awon ciki ta ce wa ungozoma: "Ba na gani da dare, kuma ina zaton ina da ciki." Sai a ba ta ƙaramin awo, tana sha kullum ko mako-mako har wajen wata guda. Idan kuwa ta riga ta sha jan ƙwanson, kada ta firgita, domin ba duk wadda ta sha ba ce ke haihuwar jariri mai nakasa. Kada ta ƙara, kuma ta gaya wa ma'aikacin lafiya ranar da ta sha.

A da akan ba mai jego babban awo jim kaɗan bayan haihuwa. Tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta daina ba da wannan shawara.

Abincin da ya dace

Bitamin A yana zuwa ta hanya biyu. A cikin hanta, da ƙwai, da nono, da man shanu, a shirye yake, jiki yana karɓarsa kai tsaye. A cikin zogale, da alayyafo, da kabewa, da karas, da mangwaro, da gwanda, da manja, da dankali mai jan ciki, ba a shirye yake ba. Jiki ne ke sarrafa shi, kuma idan rumbu ya cika sai ya rage sarrafawa. Don haka ganye da kayan marmari ba sa cutar da ɗan tayi. Wanda ya ci su da yawa ƙwarai tafin hannunsa yana iya yin rawaya-rawaya, kuma wannan yana wucewa da kansa. A sa ɗan mai ko ƙuli-ƙuli a kwaɗon zogale, domin sai da maiƙo hanji ke tsotse bitamin A da kyau.

Hanta ita ce ke son lura. Tun kaka da kakanni an san ta da maganin dundumi, kuma gaskiya ne. Amma giram 100 na dafaffiyar hantar saniya ko ta tunkiya yakan wuce awo 20,000, wato ya kusa kai iyakar mako guda. Mai ƙaramin ciki, ko mai sa ran ciki, ta tsaya ga ɗan ƙaramin yanka jefi-jefi. Kada ta mayar da hanta abincin kullum, kuma a kiyaye da wannan a kwanakin Babbar Salla.

Abin da za ku riƙe

Dundumin mai ciki ciwo ne, a kai ta awon ciki. Jan ƙwanso da shuɗi na yara ne, kada mace ta sha su da kanta. Kada a haɗa magungunan ƙarin jini ko na ƙarin ƙarfi iri-iri daga masu talla, domin da yawansu suna da bitamin A, kuma awonsu yana taruwa. Kafin mace ta karɓi kowane magani, har da na ƙurajen fuska, ta faɗa wa likita ranar da ta ga al'adarta ta ƙarshe.